Yadda muka gina layin jiran bayanai a wayoyin wakilan gona

Wata ƙungiya ce mai ba manoman shinkafa rancen taki da iri a fadamar Haɗejia ta ɗauke ni in sake fasalin manhajar da wakilanta ke aiki da ita. Aikin wakili shi ne ya shiga ƙauye a kan babur, ya yi wa manomi rajista, ya ɗauki hoton gona, in an yi girbi kuma ya karɓi biyan bashi ya rubuta. Koken da aka tare ni da shi a ofis ɗaya ne: babu sabis a ƙauyuka. Da na zauna da bayanan sai na ga inda babu sabis ɗungurungum bai cika jawo ɓarna ba, don wakili ya san babu, sai ya rubuta a littafi. Ɓarnar duk tana fitowa ne daga wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sanda ɗaya ko biyu, waya na nuna alamar intanet amma komai na tafiya da jan ƙafa.

Ga abin da ke faruwa a irin wannan wuri. Wakili ya danna aikawa, saƙon ya isa saba, wato kwamfutar da ke tara bayanai a ofis, saba ta rubuta cewa manomi ya biya naira 20,000, ta mayar da amsa cewa ta karɓa. Amsar ce ke ɓacewa a hanya. Waya ta jira ta gaji, ta nuna wa wakili cewa aikawa ta gaza, shi kuma ya sake dannawa, kamar yadda kowa zai yi. A ofis yanzu an ga biya biyu. Gane wannan matsala ba wuya idan an san abin nema: manomi ɗaya, wakili ɗaya, kuɗi daidai da juna, tazarar daƙiƙa talatin zuwa minti biyu tsakaninsu. Daga ɓangaren waya, saƙon da bai isa ba da saƙon da ya isa amsarsa ta ɓace duk kama ɗaya suke, babu dabarar da za ta bambance su. Don haka dole a gina abin yadda maimaita aikawa ba zai yi lahani ba.

Abu na farko da muka sauya shi ne ma'anar maɓallin ajiyewa. Yanzu idan wakili ya danna, babu ruwan manhaja da intanet. Cikin rumbun SQLite da ke wayar take rubutawa, kuma a rubutu guda wanda ba ya rabuwa take saka abu biyu: bayanin kansa, da layi ɗaya a teburin jira. Ko dai su shiga tare, ko kada ɗaya ya shiga, domin wayar da batirinta ya mutu a tsakiyar aiki kada ta bar biyan da ke kan allo amma ba ya cikin masu jiran tafiya. Teburin kansa ƙarami ne:

```sql
CREATE TABLE outbox (
  seq       INTEGER PRIMARY KEY AUTOINCREMENT,
  op_id     TEXT UNIQUE NOT NULL,
  farmer_id TEXT NOT NULL,
  kind      TEXT NOT NULL,
  payload   TEXT NOT NULL,
  state     TEXT DEFAULT 'pending'
);
```

Ginshiƙin lamarin shi ne `op_id`. Lamba ce ta UUID, wato doguwar lambar shaida da ke da wuya ƙwarai ta zo ɗaya da wata, da wayar ke ƙirƙira lokacin da aka ajiye bayanin, ba lokacin aikawa ba, kuma ba ta canzawa ko sau nawa aka gwada. Shi ma manomi a waya ake ba shi tasa lambar, ba a jiran saba ta ba shi, in ba haka ba ba za a iya rubuta masa biya ba sai rajistarsa ta isa ofis. A can saba, mai aiki da PostgreSQL, inda `op_id` ke da sharaɗin `UNIQUE` a teburin `payments`, layi ɗaya ne ya rufe ƙofar maimaici:

```sql
INSERT INTO payments (op_id, farmer_id, amount)
VALUES ($1, $2, $3)
ON CONFLICT (op_id) DO NOTHING;
```

Idan saƙon ya zo karo na biyu, saba ba ta ƙara komai, amma tana amsawa da nasara kamar karon farko. Wannan amsar tana da muhimmanci, don idan ta ce kuskure ne, wayar za ta ci gaba da gwadawa har abada. Ita kuma waya ba ta cire layi daga jira sai ta ga `op_id` ɗinsa a cikin amsa. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba, manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox sun daɗe suna liƙa wa kowane fom `instanceID` saboda wannan dalili.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne abin da za a saka a layin. Tsohuwar manhajar ragowar bashi take aikawa, wato adadin da ya rage bayan an cire biya. A ofis mai intanet babu laifi, amma a fili abin kan lalace. Ɗauki manomin da ake bin sa naira 60,000. Ranar Litinin wakilin ƙauyensu ya karɓi 20,000, wayarsa ta rubuta saura 40,000, amma babu sabis, bayanin yana nan zaune. Ranar Laraba manomin ya shigo gari ya sayar da buhu, ya haɗu da wani wakilin ya ba shi 15,000. Wayar wannan har yanzu 60,000 ta sani, sai ta rubuta saura 45,000, ta aika nan take. Ranar Juma'a wakilin farko ya samu sabis, 40,000 ɗinsa ta hau ta danne 45,000. Ofis na bin manomi 40,000, alhali 25,000 ne gaskiya. Dubu goma sha biyar ta bi iska, babu wanda ya yi sata, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Ranar da za a gano shi ne ranar da manomi ya fito da rasit biyu daga aljihu a gaban mai unguwa, kuma wakili ne zai sha kunya.

Mafitar ita ce waya ta daina aika sakamako, ta aika abin da ya faru: an biya 20,000, an biya 15,000. Saba ce ke yin lissafin ragowa, kuma ko wanne ya riga zuwa 25,000 za a samu. Haka 'yan kasuwa ke yi da littafin bashi, kowane biya da layinsa, ba a goge jimla a sake rubutawa. Ko gyara ma ba ma gogewa. Idan wakili ya ƙara sifili bisa kuskure, sabon layi ake shigarwa mai soke na baya, da sunan wanda ya soke.

Ba kowane bayani ke tarawa haka ba. Lambar wayar manomi ko girman gonarsa guda ɗaya ne, idan wakilai biyu suka canza shi dole ɗaya ya tsaya. Shawarar da ta fara zuwa ita ce a ɗauki wanda ya fi sabon lokaci, na ƙi yarda, saboda na duba agogon wayoyin wakilan. Wasu an saita su da hannu, wasu sun koma wata tsohuwar shekara bayan batir ya ƙare ƙaf. Sai muka ba kowane manomi lambar juyi da ke ƙaruwa duk lokacin da aka gyara shi. Waya kan ce gyarana a kan juyi na 4 na yi shi. Idan saba ta riga ta kai na 5, sai ta amsa da `409`, lambar da ke nuna an yi karo, a ajiye duka biyun gaban mai kula da yanki ya zaɓa. Irin wannan karon bai da yawa, mutum ɗaya na iya warware na mako guda kafin azahar.

Tsarin fitar layi ma da nasa sharaɗi. Biya ba zai riga rajistar mai shi tafiya ba, don haka ana bin `seq`. Amma idan aka bi shi a miƙe ga kowa, bayani ɗaya da saba ta ƙi zai tsare ɗari a bayansa. Muka raba kurakurai gida biyu. Yankewar sabis ko `500` na nufin a sake gwadawa anjima. Amsa irin `422` na nufin bayanin kansa ne ke da matsala, sai a ware shi gefe tare da sauran na wannan manomin kaɗai, na sauran mutane su wuce. Hotuna kuwa layinsu daban ne, kuma sai rubutu ya gama tafiya. Bayanin biya bai kai kilobait biyu ba, hoton kyamara kan kai megabait uku ko huɗu, mukan matse shi ya dawo kusan kilobait 200 kafin ya shiga jira.

Aikawa a bayan fage WorkManager na Android muka ba, da sharaɗin sai akwai intanet, kuma idan ta gaza tazarar sake gwadawa na ninkuwa daga daƙiƙa 30. A takarda ya wadatar. A hannun wakilai kuwa, yawancin wayoyi masu araha suna da mai tsimin batir da ke kashe manhaja da zarar an rufe allo, shi kuma wakilin da ke biyan kuɗin caji a shago ba zai kashe wannan tsimin don ya faranta mini ba. Wani dattijo cikinsu ne ya faɗa mini abin da ya rage. Ya ce, "Injiniya, ni ba na son abin da ke tafiya a ɓoye. In na hau kwalta na samu sabis, ka ba ni wurin dannawa in ga sun tafi da idona." Na ce, "To Baba, za a saka." Yanzu a saman allon farko akwai adadin masu jira, da ranar da aka yi aikawa ta ƙarshe, da maɓallin aika yanzu. Kowane biya yana da alama: toka yana waya, kore ofis ya karɓa, ja yana buƙatar gyara. Su ma a ofis suna ganin ranar da kowace waya ta yi magana ta ƙarshe, wadda ta yi shiru kwana huɗu ana kiran mai ita.

Akwai hanyoyi biyu da layin jira ke mutuwa ba tare da laifin sabis ba, duka mun toshe su. Ta farko ita ce ƙarewar izinin shiga: wakili ya yi mako a daji, ya dawo saba ta amsa da `401`, manhaja ta fitar da shi ta share bayanansa. A wurinmu `401` na neman kalmar sirri ne kawai, kuma maɓallin fita ba ya aiki muddin akwai abu a layi. Ta biyu ita ce sabunta manhaja. A Room, kayan aikin Android na sarrafa rumbun SQLite, akwai `fallbackToDestructiveMigration()`, wanda ke rushe teburori ya sake gina su idan fasalin rumbu ya canza ba a rubuta hanyar ƙaura ba. Mun haramta shi, kuma saba na ci gaba da karɓar tsohon fasalin saƙo, don akwai wayar da sai bayan wata biyu za ta sabunta.

Abin da tsarin bai iya ba shi ne wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace da bayanai a cikinta, don haka rasit na takarda bai tafi ko'ina ba, haruffa shida na farkon `op_id` kawai muka sa ake rubutawa a kansa don a iya haɗa shi da na ofis. Kafin kowane sabon juyi ya fita kuma, gwaji ɗaya ne ba ma tsallakewa: mu sa saba ta karɓi saƙo ta rubuta, sannan ta katse ba tare da amsa ba, mu bar waya ta yi ta maimaitawa, mu ƙirga layukan da suka shiga.