Yadda na lissafa makin da ake tuhumar ɗalibai da shi

Ina koyarwa a wata kwaleji a Kaduna, kuma bana abokan aikina sun fara mayar wa ɗalibai aikinsu saboda manhaja ta ce na'ura ce ta rubuta. Hankalina bai kwanta ba, sai na sauke GPT-2, wani samfurin na'ura mai hasashen kalmar da za ta biyo baya a rubutu, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2019, a kwamfutata don in ga daga ina makin yake fitowa.

Ma'auni na farko shi ne `perplexity`. Samfurin yana bin rubutu gutsure-gutsure, kowane gutsure ya ba shi yiwuwar zuwansa bisa abin da ya gabace shi. Na gwada da hannu a kan allo: jimla mai gutsure huɗu, yiwuwarsu 1/2, 1/4, 1/8 da 1/4.

```
-log2(p): 1, 2, 3, 2
(1+2+3+2)/4 = 2
2^2 = 4
```

Wato a kowane mataki kamar samfurin yana zaɓe ne tsakanin kalmomi huɗu. In lambar ta yi ƙasa, rubutun bai ba shi mamaki ba. Tunda na'ura ta fi ɗaukar kalmar da aka fi tsammani, rubutunta kan faɗo ƙasa.

Na biyu, `burstiness`, yana duba yadda lambar ke hawa da sauka daga jimla zuwa jimla. Jimloli uku masu maki 20, 22, 24 da wasu masu 8, 22, 36 duk matsakaicinsu 22 ne, amma bazuwar na farko kusan 1.6 ce, ta na biyu 11.4. Na farkon ake zargi. GPTZero, manhajar gano rubutun na'ura wadda Edward Tian ya fitar a Janairun 2023, da waɗannan biyu ta fara. Dalilin son su a fili yake: lissafin ba tsada, samfuri ɗaya ƙarami ya isa, kuma ana samun lamba da za a nuna wa mutum.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani rubutu da wata ɗaliba ta yi a gabana, da biro, a aji. Turancinta na makaranta ne tsaf: jimloli masu tsayi ɗaya, kalmomin da ta tabbatar da su kawai. Da na shigar da shi, makin ya faɗo ƙasa a ma'aunin biyu. Masu bincike a jami'ar Stanford sun ga irin wannan a 2023, inda manhajojin suka ɗauki fiye da rabin rubutun da aka gwada na TOEFL, jarrabawar Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, a matsayin na na'ura. Rubutun Hausa kuwa, GPT-2 daddatsa kalmominsa yake yi, lambar ta yi sama ko wa ya rubuta.

Yanzu in maki ya zo ƙasa, ina kiran ɗalibin ne in ce, "Zauna, yi mini bayanin wannan sakin layi, ka nuna mini takardun da ka fara zayyanawa."