Alhamis, 27 ga wata: ranar albashi

Yau ban zauna da kyau ba sai bayan la'asar. Ni ke haɗa albashi a kamfaninmu, don haka duk wanda alat ɗinsa bai shigo ba ƙofar ofishina yake nufa.

Da safe na kammala jadawalin biya: sunan kowa, bankinsa, lambar asusunsa mai lamba goma, da abin da ya rage masa bayan an cire haraji da fansho. Na ɗora shi a shafin bankin kamfani, sai dai ni ba ni da ikon sakin kuɗi. Wanda ya ɗora daban, wanda zai amince daban, kuma haka ya kamata. Manaja bai amince ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Minti kaɗan bayan haka wayoyi suka fara ƙara, amma na waɗanda asusunsu ke banki ɗaya da kamfani ne kawai. Su kuɗinsu bai fita ko'ina ba, banki ya rage a nan ya ƙara a can. Na sauran kuwa sai ya bi ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan. Idan aka tura ta hanyarsu da ake kira NIP nan take yake isa, idan ta wadda ake kira NEFT ne sai a tara shi rukuni-rukuni, a jira lokacin sasantawa tsakanin bankuna. Mutum biyu a tebur ɗaya, ɗaya ya ga nasa da azahar, ɗayan sai yamma, ba wanda aka fifita.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne mai gadinmu, sabon ɗauka. Ya shigo ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya gani ban da ni." Na duba rahoton banki, albashinsa ya dawo. Na ce, "Baba, da me kuka buɗe asusun nan?" Ya ce wani yaro mai POS ne ya buɗe masa a waya. Asusun matakin farko ne, wanda ba ya karɓar sama da naira 50,000 a lokaci ɗaya, kuma ba ya riƙe fiye da 300,000. Albashinsa 78,000 ne, dole ya dawo. Na rubuta masa takardar shaidar aiki, gobe zai je da ita tare da katin NIN, lambar BVN da takardar wutar gidansu, a ɗaga asusun zuwa mataki na uku. Ban ji daɗin ganinsa ya fita hannu rabbana ba, ga iyali suna jira. Na roƙi manaja aka ba shi wani abu a hannu kafin goben.

Sai direbanmu, shi nasa ya shigo amma ya ce an yi masa kwange. Muka zauna da biro. Albashinsa gaba ɗaya 150,000. Fansho kashi 8 cikin ɗari ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri, nasa sun kama 120,000, wato 9,600 ke nan, kamfani kuma ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa. Bayan haraji da adashin ofis, na tura masa 128,000 cif. Amma abin da ya gani a asusu 75,500 ne. Da muka buɗe bayanin asusun, ga 128,000 ta shiga, a minti ɗaya 52,500 ta fita. Ashe tsakiyar wata ya danna lamba a waya ya ci bashin albashi na 50,000, banki ya ɗauki abinsa har da ruwa kafin shi ya taɓa ko kwabo.

Wannan bashin shi ne babban abin da bankuna ke tallata wa masu asusun albashi, tare da buɗewa ba da ko sisi ba da rashin tilasta barin wani abu a ciki. Ba jingina, ba mai tsaya maka, domin albashin da ke bi ta hannunsu shi ne jinginar. Yana fitar da mutum kunya ranar da yaro ya kwanta asibiti, na sani. Abin da ke damuna shi ne wanda ya ci a wannan watan, albashin ya zo a gutsure, sai ya sake ci a wata mai zuwa. Ga kuma maganar ruwa, wadda ta sa wasu abokan aikinmu suka mayar da albashinsu bankin Musulunci.

Ya tambaye ni ko zan canza masa banki a jadawalin wata mai zuwa. Na ce tunda ya biya, zan iya, ya kawo min buƙatar a rubuce kafin 20 ga wata. Amma na gaya masa mai bashi a kansa ba ya tsira ta haka, don tun 2020 Babban Banki ya fito da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin BVN ɗin mutum ya cire kuɗinsa daga asusunsa na wani bankin.

Gobe da ƙarfe takwas zan kira Baba in ji ko sun ɗaga asusun, sannan in sake tura nasa shi kaɗai ta NIP.