Gato a Maraɗi, kek a Agege

A Maraɗi ban taɓa mallakar obin ba. Tukunya nake zuba wa yashi, in ɗora gwangwani a kai, garwashi ƙasa garwashi bisa marfi, kuma tafin hannuna ke gaya mini ko zafi ya isa. Da maigida ya ɗauko mu zuwa Legas muka sauka Agege, sai na tarar hatta sunan abin ya canza. Gato ya koma kek, farin ya koma fulawa. Ga ɗaki ɗaya da tsakar gida na haya, babu inda za ki hura gawayi maƙwabta ba su yi magana ba. Dole ya sayo mini ƙaramin obin na lantarki, irin na ɗorawa kan tebur.

Aikin farko da na samu na sunan jikar wata Hajiya ne, Bakanuwa da ke gidan gabanmu. Na yi kwaɓina na kullum: fulawa giram 250, sukari da bota kowanne haka, ƙwai huɗu, bekin foda ƙaramin cokali biyu, a gwangwani mai inci takwas. Na murɗa maɓallin zafi zuwa 180, na jira minti goma, na saka. Wajen minti ashirin na buɗe in leƙa, na ga ya taso gwanin sha'awa. Da na fito da shi, gefe ya yi ja, tsakiya kuwa ta lotsa kamar an danna ƙwarya, ga ta danƙare tana kama wuƙa.

Sai na ce ai wuta ce ta yi kaɗan. Washegari na kai shi 220, na ɗora a benen sama na cikin obin. Wannan karon ya yi tozo ya tsage, ɗanyen kwaɓi ya ɓullo ta tsagar. Na zauna na yi kuka, kukan kek da na kewar gida a haɗe.

Hajiya ce ta shigo ta same ni. Ta dubi ƙwan lantarkin ɗakin ta ce, "Ƙanwata, jiya da kika gasa, fankar nan tana gudu haka?" Na ce a'a Hajiya, da ƙyar take juyawa. Ta ce, "To ba hannunki ba ne. Jiya wutar ba ta da ƙarfi, yau ta zo da ƙarfinta, ke kuma lambar jikin obin kike bi." Ta aro mini ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki. Ranar da wuta ta sake yin rauni na gwada: maɓalli na kan 180, amma bayan minti goma ma'aunin bai wuce 150 ba.

Daga nan na fahimci abin. Iskar da aka buga cikin bota da wadda bekin foda ke saki ita ke ɗaga kwaɓi, amma ba ita ke riƙe shi ba. Sai zafi ya ratsa har tsakiya, ƙwai ya daskare, fulawa ta nuna, sannan kek ke tsayawa da ƙafarsa, kuma tsakiya ce ƙarshen nuna. Kek ɗina na farko ya taso a obin mai sanyi, ni kuma na buɗe ƙofa na ƙara zubar da ɗan zafin da ke ciki. Ƙaramin obin a wuta mai rauni ba ya saurin mayar da zafin da ya ɓata, don haka iskar ta fice tun ba abin da zai tallabe ta. Na biyun kuma zafi ne ya yi yawa, ga shi dab da ƙarfen wuta na sama. Ɓawo ya bushe ya rufe tun tsakiya ba ta gama tashi ba, da ta taso ba ta da hanya sai ta fasa shi.

Yanzu ba na saka kek sai ma'aunin ya nuna 170 ya tsaya, ko da zan jira minti ashirin. Gwangwani mai zurfi ya fi son wannan zafin, a benen tsakiya, na kusan awa guda, kuma ba na taɓa ƙofar sai an wuce minti arba'in. In tsinke ya fito da ɗanyen kwaɓi alhali sama ta yi ja, sai in rufa masa takardar gashi in ƙara minti goma. Idan ko aka ɗauke wuta a rubu'in farko na lokacin gashin, babu dabara, wannan na yara ne da shayi. Shi ya sa kek ɗin oda a obin gas na Hajiya nake gasa shi, in ba ta kuɗin gas, duk da sai mun yi ta ja kafin ta karɓa.