Godiya da barka: mun ga sunan Ummi lafiya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya Talata aka raɗa suna, yau kuma na samu na zauna, ƙafafuna a kumbure, muryata a dishe. Waɗanda suka bi mu da waya tun daga ranar Alhamis sun san abin da muka gani, ba sai na maimaita ba.

Ƙanwata mai jego, barka da arziki. Angon ƙarni, barka, Allah ya raya mana. Da liman ya gama addu'a aka sanar cewa yarinya ta ci sunan mahaifiyarmu, ina cikin ɗaki na ji guɗa ta tashi, sai kawai na zauna a ƙasa ina hawaye. Ba mu roƙe ka ba, kuma kana da taka uwar da ranta. Ka ba mu kyautar da ba mu da abin biyanta. Mu dai ba za mu iya kama wannan suna da bakinmu ba, Ummi za mu riƙa ce mata.

An saba a ce an gode wa kowa da kowa, kada a ambaci wani a bar wani. Ku yi mini afuwa, yau sai na ambaci Mama Nas, maƙwabciyarmu a nan Anguwar Rogo, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya. Ranar Alhamis da hantsi ta shigo barka da sabulunta da ɗan kwanon gwate. Kun san sanyin Jos a hunturu. Mun rufe taga, mun saki labule, mun naɗe yarinya da zani da bargo, fuskarta kaɗai ake gani, hasken ɗakin kuma na ƙwan lantarki ne. Kowa ya shigo sai ya ce kai, jaririyar nan fara ce sol, ga ta da haƙuri, barci kawai take yi. Ni ma haka na ɗauka.

Mama Nas ta karɓe ta, ta ce in ɗaga labule. Ta kai ta bakin taga, ta sa yatsa ta danna goshinta ta ɗaga, sai wurin ya nuna ɗorawa. Ta buɗe mata ido, farin ya koma launin kwaiduwar ƙwai. Ta kwance zanin ta danna ƙirji, ta danna cinya, duk haka. Ta tambayi mai jego sau nawa ta sha nono tun asuba, aka ce sau ɗaya, shi ma da ƙyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, shawara ce, kuma ta sauko ƙasa. Ɗauko mayafinki." Na ce ko mu bari a gama wankan yamma, ko a riƙa fitar da ita rana da safe kamar yadda ake yi. Ta ce shawarar jarirai daga fuska take farawa ta gangaro, in ta kai tafin hannu da tafin ƙafa an shiga haɗari, don tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya ji ko ba ya iya zama. Ta ce hasken rana ba zai yi wa wannan komai ba, sai ma sanyi ya kama ta. Wannan barcin da muke yabo, ashe shi ne abin tsoron.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin Ummi a cikin ɗan gadon nan na asibiti, ba komai a jikinta sai nafkin, an rufe mata ido da ƙyalle, shuɗin haske na sauka a kanta. Kwana 3 muka yi a haka. Duk bayan awa 2 zuwa 3 a ɗauko ta a ba ta nono a mayar, don sun ce da kashi da fitsari abin yake fita, kuma kada mu ba ta ruwa ko jiƙo ko ruwan sukari. Daren farko likita ya ce in awon jini bai sauka ba zuwa safe, za a yi maganar canza mata jini. Ƙanwata ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, za a yi sunan nan kuwa?" Ban iya ba ta amsa ba. Mama Nas ce, wadda ba addininmu ɗaya ba, ta ce mata, "Ke yi taki addu'ar, ni ma ina tawa." A kan benci ta kwana tare da mu, da shekarunta, cikin wannan sanyi. Allah ya saka miki, Mama, ya jiɓinci lamarin 'ya'yanki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ita ce kuma da muka dawo ranar Lahadi ta sa na zazzage akwatin kayan jariri. Ni da hannuna na zuba kafur a ciki tun cikin yana wata 7, don gudun kyankyaso. Ta ce akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu jini ya tayar da shawara. Mun wanke kayan gaba ɗaya mun shanya, kafur kuma ya bar gidana.

Angon ƙarni, na ga ƙoƙarinka. Kuɗin da ka tara na taro ya tafi asibiti, ka zo kana jin nauyi wai rago ɗaya ka iya saya a 'Yan Shanu. Malam Liman ya kwantar maka da hankali, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ɗaya ake yankawa, mace ce ko namiji, in dai lafiyayye ne irin wanda ya isa layya. Shi ya warware mana lissafin kwana ma: tunda bayan asubar Talata aka haife ta, ba a ƙirga wannan ranar, suna ya faɗa Talatar da ta zagayo. Na kuma ji daɗi da ka tsaya a kan wanzami ya ɓare sabuwar reza a gabanka, ya yi aski kaɗai, ka ce ba za a cire mata beli ba. Wasu tsofaffi sun yi gunaguni. Ni ina bayanka, yarinyar da ta fito daga wannan hali ba za a ƙara sa mata ƙarfe a baki ba. An kimanta nauyin gashin da azurfa, an ba da kuɗin sadaka.

Mai Keke na bakin layinmu, wanda ya yi ta jigilar abinci safe da dare bai karɓi ko sisi ba, Allah ya ba ka naka na kanka. Matan Islamiyyarmu da suka kwana a kan murhu, da ma'aikatan ɗakin jarirai da ba su taɓa yi mana tsawa ba duk yawan tambayarmu, da dangin ango da suka taso tun daga Bukuru da Gangare kafin gari ya waye, Allah ya biya ku da Aljanna, ya sa ku ga na 'ya'yanku da jikokinku. Akwai na jikinmu da muka sa ran ko sallama ce za mu ji a waya a waɗancan darare, ga Abuja nan ba nisa ba. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Sai dai mai jego ta tambaye ni su har sau biyu, marainiya ba ta rasa lura da wanda bai zo ba.

Ya Allah ka raya Ummi a kan Musulunci, ka sa ta haddace Littafinka, ka ba ta halin mai sunan, ka kai haske kabarin mai sunan. Ka ba uwarta lafiyar shayarwa, ka buɗa wa ubanta ta hanyar halal, ka sa wannan ne ciwo mafi tsanani da za su gani a kanta.

Masu zuwa barka, ƙofa a buɗe take har a yi arba'in, amma don Allah mai mura ya dakata tukuna. Gobe Alhamis da safe za mu koma a sake duba ta, sai bayan azahar za a same mu a gida.