Rabin Me? Tambayar Da Ta Ci Mini Dala 200

Har yau idan na tuna wayar da na buga wa Yaya ranar nan, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da bakina na ce mata, "Yaya, kuɗinki sun dawo cif, ki je ki ba kafinta cikon kuɗinsa." Ban buɗe asusun ba, ban ga ko sisi da idona ba. Koren rubutu kawai na gani a waya, +50%, na kama murna.

Dala 800 muka zuba a wani kwabon kirifto, irin kuɗin nan na intanet, da ba sai na ambaci sunansa ba. Dala 400 nawa ne, na tara daga gyaran waya. Sauran 400 na Yaya ne, kuɗin adashen da ta ɗauka tana tanadin kayan ɗakin 'yarta. Da dala nake faɗin lissafin domin da ita manhajar da nake saye da sayarwa a ciki ke ƙirgawa. Yadda na buɗe asusu da yadda na saya ba abin ba da labari ba ne, kowa ya san wannan.

Wata bai cika ba kasuwa ta rufta. Na duba na ga ja, -50%, kuɗinmu sun koma dala 400. Daga ranar na daina buɗe shafin da ke nuna abin da na mallaka, saboda duk lokacin da na gani sai abinci ya fita raina. Sai dai in leƙa jerin farashi, inda ake sa wa kowane kwabo ja ko kore a gefensa, in rufe. A nan na shuka wa kaina tsiyar. Lambar da ke gefen nan ba ta san ranar da na saya ba, ba ta kuma san nawa na saya ba. Tana kwatanta farashin yau ne da na kwana 30 da suka wuce, iyakarta ke nan. Kuma kwana 30 da suka wuce ɗin nan, daidai lokacin da farashi ke can ƙasan rami ne.

To da na ga +50%, sai ƙwaƙwalwata ta yi lissafin 'yan firamare: an cire 50, an ƙara 50, an koma gidan jiya. Na kira Yaya. Ita kuwa ba ta yi wata-wata ba, ta aika wa kafinta cewa ya ci gaba da aikin gado da kujeru, cikonsa na nan zuwa Juma'a.

Daren Alhamis na buɗe don in sayar. Dala 600 na tarar, har da 'yan canji da suka yi ƙasa saboda kuɗin cirewa. Na rufe manhajar na sake buɗewa. Na kashe wayar ma gaba ɗaya na kunna, ni mai gyaran waya, kamar kuɗin sun maƙale ne a wani lungu. 600 ɗin nan dai. Abin da ya fara zo mini shi ne an yi mini kutse an kwashe dala 200. Na bi tarihin asusun layi-layi, babu abin da ya fita. Adadin kwabban da na saya yana nan yadda yake.

Da asuba bayan an idar da salla na tari Kawu a ƙofar masallaci. Shekara da shekaru yana sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, bai taɓa riƙe wayar shafa ba, ko kalkuleta ba ya yarda da ita. Na zayyana masa komai ina kumfar baki, ina cewa tabbas akwai cuta a ciki. Bai ce mini uffan ba sai da muka zauna a dakalin gida. Ya sa hannu a aljihu ya ciro gyaɗa, ya ƙirga ƙwaya 8 ya jera a kan tabarma.

"Ɗebe rabi," in ji shi. Na ɗebe 4.

"Yanzu ƙara rabi."

Na ɗauko 4 ɗin nan zan mayar, sai ya buge mini hannu. "Rabin me, ɗan nan? Nawa ne a gabanka?"

Na ce 4.

"To rabin 4 nawa ne?"

Na ajiye ƙwaya 2. Suka zama 6. Sauran 2 da ke hannuna ya karɓe ya ɓare ya jefa a baki, ya ce, "Waɗannan su ne dalolinka 200. Babu ɓarawon da ya shigo."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wani lissafi ne mai zurfi ba. Kashi 50 cikin 100 ba kuɗi ba ne, rabo ne, kuma rabo sai an ce na wane abu. Lokacin faɗuwa, rabin dala 800 aka cire, wato 400. Lokacin tashi, rabin dala 400 aka ƙara, wato 200. Sunan ɗaya ne, hamsin da hamsin, amma an ɗebe da babban mudu an mayar da ƙarami. Kuskurena shi ne na tara su kamar naira, alhali ninka su ake yi. Faɗuwar rabi na nufin a ninka kuɗin da 0.5, tashin rabi kuma a ninka da 1.5, sai a samu 0.5 × 1.5 = 0.75. Ko nawa ka fara da shi, kashi uku cikin huɗu za ka tarar. Rubu'i ya tafi.

Na so in yi gardama. Na ce, "Kawu, da tashin ne ya fara zuwa fa, ai da na tsira." Ya sake jera 8, ya ce in ƙara rabi, suka zama 12. Ya ce in ɗebe rabi. 6 suka rage. A wannan karon faɗuwar ce ta sami babban tuli ta ci daga ciki. Ko ta gaba ka bi ko ta baya, wuri ɗaya za ka ɓulla. Kuma idan kasuwa ta sake yin wannan rawar sau ɗaya, 600 ɗin ma 450 za su koma, mutum yana kallon ja da kore suna canza juna yana zaton canjaras ake yi.

Kafin dala 400 su koma 800, sai sun ninka kansu, wato tashin kashi 100 cikin 100. Ni kuwa rabin hanya aka zo na fara rabon goron biki.

Daga baya na zauna da biro na gwada wasu lambobin, don in gane dalilin da ya sa ban taɓa lura da wannan ba tun da. Ashe idan motsin ƙarami ne, gibin ɓuya yake yi. Naira 100 ta faɗi da kashi 10 ta tashi da kashi 10, za ka tarar da 99, wa zai damu da naira ɗaya? Idan kashi 20 ne, 96. Da an kai 50, sai 75. Idan kuwa kashi 90 ne, naira 19 kacal za ta rage maka. Ramin yana ƙara zurfi, tsanin fita yana ƙara tsawo fiye da ramin. Hanyar da nake bi yanzu ita ce in raba abin da ya tafi da abin da ya rage. Idan 25 ta tafi 75 ta rage, ina bukatar tashin kashi ɗaya cikin uku. Idan 75 ta tafi 25 ta rage, sai an ƙara mini ninki uku na abin da ke hannuna, kashi 300 ke nan.

Ba ƙananan kwabbai irin nawa kaɗai wannan ya shafa ba. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya gangaro ƙasa da 16,000 a Nuwamban 2022. A shekarar 2023 ya tashi daga wajen 16,500 zuwa wajen 42,000, sama da kashi 150, mutane suna ta shewa. Amma wanda ya saya a can ƙololuwa har lokacin yana cikin asara mai nauyi, sai a Maris ɗin 2024 farashin ya haura inda ya baro. Faɗuwar ba ta kai kashi 80 ba, tashin da ya ninka wannan lambar kusan sau biyu bai isa ya cike ta ba. Da na san wannan labarin a yadda yake, da ban buga waccan wayar ba.

Wayar dai ita ce matsalar. Asarar rubu'i kasuwa ce ta jawo, kuma da ma mun yi da Yaya cewa riba tare, faɗuwa tare. Da na buɗe asusun na ga 600, da na ce mata, "Yaya, naki 300 ne, nawa 300, mu jira ko mu fita?" Da ta yi faɗanta ta haƙura, ta rage wani abu a kayan ɗakin. Amma na riga na ce sun dawo cif, ta riga ta ɗauki alkawari a kan maganata, kafinta ya riga ya yanka katako. Ba ni da fuskar da zan koma in ce na yi kuskuren lissafi. Na cire 400 na canza na kai mata, na tsira da 200.

Dubi yadda abin ya juyo kaina. Jarin gaba ɗaya rubu'i ya rasa, amma ni da na zuba 400 na fita da 200, rabi na rasa. Kuma yanzu na san abin da wannan ke nufi: sai na ninka su kafin in koma inda nake.

Ban daina harkar ba, amma na sayi ƙaramin littafi na ajiye a durowar shago, tare da sukudireba da dalma. Duk abin da na saya, ina rubuta ranar da farashin da adadin kuɗin da na zuba. Idan zan duba, lambar yau nake ɗorawa a gefen wadda na rubuta, kuɗi da kuɗi, ba ruwana da launin da manhaja ta shafa. Idan wani a majalisa ya ce abu kaza ya tashi da kashi kaza, tambayata ɗaya ce, daga nawa zuwa nawa? Sau da yawa sai ka ga mai maganar ya fara lalube a waya. Kwanaki wani yaron shagona ya zo yana tsalle wai kwabonsa ya yi kashi 80 a mako guda. Muka duba tare, ashe daga naira 100 da ya saya ya faɗo 20, yanzu ya hau 36.

Yaya ba ta san komai ba sai bayan biki, kuma Kawu ne ya fasa ƙwan, ana tsakiyar cin tuwo. Ta ajiye lomar da ke hannunta ta dube ni ta ce, "Auta, wato kuɗinka ka cika mini?" Na ce ba komai. Ta ce za ta biya ni dala 100 ɗin idan ta sake ɗaukar adashe, na ce ta bar shi. Kawu kuwa har gobe, in na je gaishe shi, kafin ya amsa sai ya miƙo mini gyaɗa ƙwaya biyu.