Yadda na gyara take da bayanin shafin takalman fata a Maradi

Wani maƙwabcina da ke ɗinka takalma da jakunkuna da fatar jar akuyar Maradi ya ba ni aikin duba shafinsa na intanet, domin yana bayyana a sakamakon binciken Google amma mutane kaɗan ne ke shiga. Da na buɗe Search Console, kayan aikin Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, a sashen Performance, na tarar shafin takalman maza yana fitowa a shafin farko na sakamako, sai dai adadin masu dannawa bai taka kara ya karya ba. Lissafin da ake kira CTR shi ne yawan dannawa a kan yawan bayyana: idan shafi ya bayyana sau 1000 aka danna sau 20, kashi 2 cikin ɗari ke nan.

Matsalar tana cikin taken da aka sa masa: "Barka da zuwa shagonmu na kayan fata masu inganci da rahusa a Maradi | Takalman fata". Haruffansa sun haura 80, kuma Google yana datse shi a wajen kalmar "rahusa" ya liƙa ɗigo uku, don haka takalman da mai bincike ya zo nema ba su bayyana sam. Google ba ƙirga haruffa yake yi ba, faɗin rubutu yake aunawa, kuma a kwamfuta filin ya kai kimanin fiksal 600, abin da ke ɗaukar haruffa 50 zuwa 60. Harafin m ya fi i cin wuri nesa ba kusa ba, manyan baƙaƙe kuma sun fi ƙanana faɗi, shi ya sa taken da aka rubuta duka da manyan baƙaƙe yake yankewa da wuri ko da ƙidayarsa ba ta kai 60 ba.

Na sake rubuta taken da bayanin da ke fitowa a ƙarƙashinsa a sakamakon bincike kamar haka:

```html
<title>Takalman fatar akuya na maza, ɗinkin hannu | Maradi</title>
<meta name="description" content="Lamba 39 zuwa 45, daga jika 8 na sefa. Ana aikawa Yamai, Damagaram da Katsina ta mota. Takalman fatar jar akuyar Maradi, ɗinkin hannu.">
```

Taken ya dawo haruffa 51, kuma kalmar da ake nema ce a gaba, saboda ko an datse, wutsiya za a datse. Da mai shagon ya gani sai ya ce, "Malam, ina gaisuwar ta tafi? Ai baƙo da maraba ake tarbarsa." Na ce masa, "Alhaji, wannan mutumin bai iso shago ba tukuna, allon bakin titi yake karantawa." Gaisuwar muka mai da ita cikin shafin.

A bayanin na fi daɗewa. Kwamfuta tana nuna kimanin haruffa 155 zuwa 160, waya kuma sau da yawa ba ta wuce 120, alhali kusan duk masu sayen kayansa da waya suke bincike. Saboda haka na tura amsoshin tambayoyin da ake yawan yi masa a waya, wato lamba da kuɗi da garuruwan da ake aikawa, cikin jimloli biyu na farko, na bar yabon fatar a ƙarshe inda rasa shi ba zai cutar ba. Mai shagon ya yi jinkirin yarda a bayyana farashi, don yana ganin abokan sana'a za su karya masa kasuwa, amma a ganina wanda ya ga jika 8 kuma ya danna ya riga ya shirya saye. Wannan bayani ba ya ɗaga matsayin shafi a jerin sakamako. Aikinsa jawo hannun mai karatu ne kawai.

Wani abin lura shi ne Google ba ya ɗaukar abin da aka rubuta a matsayin dole. Tun sauyin da ya yi a watan Agusta na 2021, yakan maye gurbin taken da ya yi tsawo ko ya cika maimaici da babban kanun shafin, wato `h1`, bayanin kuma yakan tsinto shi daga cikin rubutun shafi idan ya ga hakan ya fi dacewa da tambayar mai bincike. Don haka na daidaita `h1` da sabon taken, na kuma sa lamba da farashi a sakin layi na farko, ta yadda ko daga ina aka tsinto, magana ɗaya za ta fito.

Bayan na nemi Google ya sake karanta shafin ta sashen URL Inspection na Search Console, na bar shi wata guda ban taɓa komai ba, sannan na kwatanta kwanaki 28 na bayan gyara da 28 na gabansa. CTR ya hau, amma ban amince da shi ba sai da na duba Position, wato matsayin shafin a jerin sakamako, na kalmar "takalman fata" na ga bai motsa sosai ba, domin shafin da ya tashi daga na takwas zuwa na uku zai samu ƙarin dannawa ko da ba a sauya masa harafi ɗaya ba. Haka kuma da watannin sun ratsa hidimar salla, da na jinkirta kwatancin, tunda a lokacin neman takalma yakan ƙaru da kansa.