Haɗa Hannun Riga Ba Tare da Tattara Ba

Da ido kaɗai ake gane hannun da aka haɗa da kyau. Ka rataye rigar, ka dubi inda hannu ya haɗu da kafaɗa: idan ya zagayo sumul, ya ɗan tasa kaɗan kamar akwai mutum a ciki, to tela ya san aikinsa. Idan kuwa ka ga ƙananan ninki sun maƙale a cikin ɗinkin, duk gugar duniya ba za ta kwantar da su ba. A shagonmu ba ma barin riga ta fita da irin wannan, ko da mai ita yana tsaye yana cewa a ba shi haka nan.

Asalin matsalar shi ne kan hannu, wato lanƙwasasshen saman hannun riga, ya fi ramin hannu, wato kafar jikin riga da ake haɗa shi a ciki, tsawo, kuma da gangan ake yanka shi haka. Kafaɗar mutum tana da tudu, yadi kuwa shimfiɗaɗɗe ne, don haka sai an bar rara kafin yadin ya lulluɓe tudun, mai riga ya iya miƙa hannu gaba. Aikin tela shi ne ya sa yadin ya shanye wannan rarar ba tare da ninki ko ɗaya ba. Masu aikin gaggawa, waɗanda ke karya farashi suna kwashe mana kwastomomi, almakashi suke sa wa rarar su datse ta. Ɗinkin zai kwanta, amma hannun zai ɗame, yadin ya riƙa ja daga kafaɗa, mai riga ya kasa ɗaga hannu cikin sakewa.

Tun kafin a hau keke ake yin nasara ko a faɗi, wato a wurin awo. Ka auna ramin hannu da kan hannu a kan layin da ɗinki zai bi, kada ka auna bakin yanka, domin a wuri mai lanƙwasa tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka tsayar da tef a kan gefensa ka bi lanƙwasar da shi. Mu ɗauki rigar mace ta auduga, da aka bar rabin inci na ɗinki. Ramin hannu ya ba da inci 18, gaba inci 8 da rabi, baya inci 9 da rabi. Kan hannu ya ba da inci 19 da kwata. Rara ke nan inci 1 da kwata, kuma auduga mai laushi za ta iya shanye wannan. Yadin ulu na kwat yana ɗaukar inci 1 da rabi ko fiye, saboda tururi yana tsuke shi. Yadi mai roba da mai matsattsiyar saƙa kuwa, da ya wuce kwata uku na inci ya fara gardama. Idan rarar ta fi ƙarfin yadin, ka rage tudun kan hannu kaɗan, ka sake zana lanƙwasar, ka sake aunawa. Babu ƙwarewar da za ta cusa inci 2 cikin yadin da ba ya tsukewa.

Daga nan sai rabon rarar, kuma a nan ne mafi yawan tattara ke samo asali. Daga ɗinkin hammata ka auna inci 3 zuwa gaba, inci 3 zuwa baya, a jikin riga da hannu duka, ka sa alama: ɗaya a gaba, biyu a baya, don kada hannun dama ya tafi hagu. Ƙasan waɗannan alamomi ba a sa rara ko kaɗan, yadi da yadi suke haɗuwa daidai. Abin da ya rage a jikin riga shi ne inci 5 da rabi a gaba, inci 6 da rabi a baya. A hannu kuwa, ka sa alamar kafaɗa ta yadda gaba zai zama inci 6, baya inci 7 da kwata. Gaba ya ɗauki rabin inci ke nan, baya ya ɗauki kwata uku, domin ta baya ne hannu ke buƙatar wuri idan mutum ya miƙa shi. A can ƙololuwa, wajen rabin inci kowane gefen alamar kafaɗa, zaren saƙa a miƙe yake, ba ya yarda ya tsuke, don haka ka bar wurin a shimfiɗe. Gangaren nan biyu, inda yankan ya ratsa saƙa a karkace, su ne ke shanye rara cikin sauƙi.

Yanzu ka tsawaita ɗinkin keke zuwa milimita 4, ka ɗan sassauta zaren sama, ka yi layi biyu a kan hannu daga alamar gaba zuwa ta baya. Na farko dab da layin ɗinki ta cikin rabin incin nan, na biyu kwatan inci daga baki. Layi ɗaya ba ya isa, domin yadin yana karyewa a kansa ya yi ninki, amma biyu suna riƙe shi a tsaye. Ka ja zaren ƙasa guda biyun tare, a hankali, kana baza tsukewar da farcen babban yatsa. Abin da ake nema shi ne kan hannun ya kumbura kamar an kifa tafin hannu. Bakin yadin zai iya yin 'yar igiyar ruwa, wannan ba laifi, amma layin ɗinki kansa ya zama sumul. Idan ulu ne, ka ɗora shi a kan matashin guga mai tudu, ka ba bakin tururi da kan dutsen guga kawai, ka bari ya huce kafin ka ɗaga.

Ka juya rigar ciki waje, ka zura hannun fuska da fuska, ka fara kafa fil a wurare huɗu: hammata, kafaɗa, da alamomin biyu. Sannan ka cike tsakani, kana lanƙwasa yadin biyu a kan yatsanka da hannun rigar a sama, fil ɗaya kowane rabin inci, a gicciye, yana cizon zare kaɗan daidai kan layi. Mu kan bi shi da ɗinkin allura na wucin gadi mu cire fil, mu rataye mu duba. Idan ka ga layukan ja a karkace a gefe ɗaya na hannun, alamar kafaɗa ta goce, sai a juya hannun kaɗan gaba ko baya. Gyara a wannan mataki minti biyar ne.

A keke, ka mayar da ɗinki milimita 2 da rabi, ka fara daga hammata da hannun rigar a sama inda idonka ke ganinsa. Ka sa yatsu gefe da gefen ƙafar keke kana baje yadin zuwa hagu da dama, kada ka ja shi gaba ko baya, domin ramin hannu yana saurin buɗewa. Da ka ga ninki yana taruwa a gaban allura, ka tsaya da allura a ciki, ka ɗaga ƙafa, ka baje shi da tsinin fil. Idan ɗaya ya kuɓuce, ka farke inci ɗaya kowane gefensa ka sake bi.

Ƙarƙashin hammata, tsakanin alamomin biyu, ka ƙara layi na biyu kusa da na farko ta ciki, ka rage bakin. Bakin da ke sama kuwa kada ka tsattsaga shi, shi ne ke tallafe kan hannu. Ka goge bakin kaɗai daga ciki, ka tura shi ya kwanta cikin hannun, kada ka danna dutse a kan kafaɗa ta waje, don zai kashe tudun da ka sha wahalar ginawa.